Bibiyar Takardar Shaidar Biyan Haraji Idan Ta Makale: Jagora ga 'Yan Kwangila a Birnin Kebbi da Argungu

Takardar shaidar biyan haraji, wadda ma'aikatan ofis ke taƙaita sunanta da haruffan TCC, takarda ce da hukumar tara haraji ke bai wa mutum ko kamfani domin tabbatar da cewa ya biya abin da ke kansa na shekaru uku da suka gabaci shekarar da ake ciki, ko kuma babu harajin da ya hau kansa a cikin waɗannan shekaru. A jikinta akan nuna, shekara bayan shekara, jimlar cinikin da aka yi, da ribar da aka ɗora wa haraji, da harajin da ya wajaba, da wanda aka biya. Sashe na 16 na Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ya shardanta cewa duk mai neman kwangilar gwamnatin tarayya sai ya sauke nauyin harajin da ke kansa, kuma ofishin tantance kwangiloli na Jihar Kebbi na bin irin wannan ƙa'ida, shi ya sa kwamitin buɗe tayi ke ajiye tayin da ba ya ɗauke da wannan takarda tun a zagayen farko, kafin a kai ga duba farashi ko ƙwarewa.

Sashe na 101 na tsohuwar Dokar Harajin Kamfanoni da sashe na 85 na tsohuwar Dokar Harajin Kuɗin Shiga na Ɗaiɗaikun Mutane sun wajabta wa hukuma ta bayar da takardar cikin mako biyu daga ranar da aka nema, ko kuma ta bayyana dalilin hanawa. Sababbin dokokin haraji da aka sanya wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun riƙe wannan tsari, sai dai sun sauya wa hukumar tarayya suna daga FIRS zuwa NRS. Abin da ya kamata ɗan kwangila ya riƙe daga wannan tanadi shi ne cewa jinkiri yana da dalili, dalilin kuma a rubuce yake a cikin lissafin da hukuma ke riƙe da shi a kansa. Bibiya mai amfani ita ce gano wane layi ne na lissafin ya tare hanya, da kawar da shi kafin ranar rufe karɓar tayi. Yawan sintiri a ofis ba tare da sanin wannan layi ba ɓata ƙafa ne kawai.

Hukumar da ke da alhakin bayarwa

Tambayar farko ita ce wace hukuma ce ke da hurumi, domin kwanaki da yawa kan salwanta a ofishin da ba shi ne zai bayar ba. Rabon ya dogara ne ga irin rajistar da aka yi a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Kamfanin da aka yi wa rajista a matsayin mai cin gashin kansa, wanda lambarsa ke farawa da RC, harajin ribarsa na gwamnatin tarayya ne, saboda haka takardarsa daga hukumar tarayya take fitowa. Wanda kuwa ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, mai lamba BN, doka na kallon ribarsa a matsayin kuɗin shigarsa na ƙashin kansa, don haka Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kebbi ce za ta ba shi takarda matuƙar a jihar yake zaune, ko da aikin da yake nema na tarayya ne.

Wannan rabo na da amfani a aikace saboda masu bayar da aiki a wannan yanki iri biyu ne. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru hukumomin tarayya ne, tallarsu kan nemi takardar kamfani ta shekaru uku da ba za ta ƙare aiki ba sai 31 ga Disamba na shekarar tallar. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta jiha da ma'aikatun jiha kuwa na ƙarƙashin dokar jiha ne, kuma tallar jiha kan iya ƙarawa da neman takardar daraktocin kamfani ta ƙashin kansu. Idan haka ta kasance, takardu biyu ake bibiya a ofisoshi biyu, kuma kowace da abin da ke tsayar da ita.

Akwai kuma batun inda fayil yake. Kamfanin da aka yi wa rajista da adireshin Abuja ko Kano ko Sakkwato, sau da yawa saboda can lauyan da ya yi rajistar yake, fayil ɗinsa na ƙarƙashin ofishin harajin wancan gari ne, kuma jami'in da ke Birnin Kebbi ba shi da ikon gyara lissafin da ba a hannunsa yake ba, iyakarsa ya duba ya ba da shawara. Sunan ofishin na bayyana a shafin kamfani da kuma jikin tsohuwar takarda, saboda haka dubawa ɗaya ta isa a san inda za a dosa. Neman a dawo da fayil Birnin Kebbi abu ne mai kyau, amma aikin lokacin da ba a gaggawa ne, ba na makon da ake jiran takarda ba.

Abubuwan da ke tsayar da takarda

A shekarar 2021 hukumar tarayya ta mayar da shigar da bayanai da biyan haraji kan manhajar TaxPro Max, kuma daga farkon 2023 ta sanar da cewa wanda ba shi da bashi zai iya fitar da takardarsa nan take daga shafinsa. Ma'anar haka ita ce a mafi yawan lokuta ba wani jami'i ne ya danne fayil ba, na'ura ce ta ga saura a lissafi ta ƙi sakin takarda. Abubuwan da take gani ba su da yawa.

Na farko shi ne bayanin da ba a shigar ba. Kamfani na da wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa ya shigar da bayanin harajin riba tare da lissafin da odita ya tantance, wanda ke nufin 30 ga Yuni ga mai rufe shekara a Disamba. Bayanin harajin VAT kuma duk wata ake shigar da shi, kafin 21 ga wata mai bi. Inda 'yan kwangila suka fi tuntuɓe shi ne watannin da ba su yi aiki ba, musamman na damina, lokacin da ruwa kan cika fadamar Rima, aikin gini ya tsaya, a koma gonar shinkafa. Rashin ciniki ba ya ɗauke wajibcin shigar da bayani, abin da ake yi shi ne a shigar da bayanin babu. Haka nan kasancewar ma'aikatar gwamnati ta cire VAT daga kuɗin kwangila ta aika da kanta bai sauke wa ɗan kwangila shigar da nasa bayanin ba. A ƙarƙashin tsohuwar doka tarar rashin shigar da bayanin VAT naira 50,000 ce a watan farko da naira 25,000 a kowane wata bayansa, sabuwar doka kuwa ta mayar da tarar rashin shigar da bayani naira 100,000 da naira 50,000. Ƙaramin kamfanin da doka ta yafe wa harajin riba ma sai ya shigar da bayanin shekara, domin yafe biya daban, yafe bayani daban.

Na biyu shi ne kuɗin da aka biya amma bai sauka inda ya kamata ba. Hakan na faruwa idan aka biya a banki ba da lambar biya da shafin ya fitar ba, ko aka zuba kuɗin harajin ilimi a gurbin harajin riba, ko aka rubuta shekarar da ba ita ba. Alamar wannan matsala ita ce ɗan kwangila na riƙe da rasit amma shafinsa na nuna bashi daidai da adadin da ke jikin rasit ɗin. Maganinta takardar neman a mayar da kuɗin gurbinsa, haɗe da kwafin rasit da bayanin asusun banki na ranar.

Na uku shi ne ƙarin harajin da hukuma ta ɗora bayan bincike, ko ƙiyasin da ta yi da kanta saboda ba a shigar da bayani ba. Doka ta ba da kwana 30 daga ranar da aka isar da sanarwar ƙiyasi domin a rubuta ƙin amincewa tare da dalilai da kuma adadin da aka yarda da shi. Wanda ya bar kwanakin suka wuce ya bar ƙiyasin ya zama tabbataccen bashi. Da yawa ba su ma san an yi ƙiyasin ba, saboda sanarwar ta tafi adireshin imel na wani tsohon akanta da aka rabu da shi, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai kamfani ya riƙe imel da kalmar sirrin shafinsa a hannunsa.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne addabar masu aikin gwamnati, shi ne harajin da aka cire tun daga tushe.

Harajin da aka cire daga tushe

Idan ma'aikata ta zo biyan ɗan kwangila, doka ta wajabta mata ta cire wani kaso ta aika wa hukumar haraji da sunansa. Wannan kaso, wanda ke bayyana a takardun biya da haruffan WHT, ba haraji ne na daban ba, kafin alƙalami ne na harajin ribar da zai wajaba a ƙarshen shekara. A aikin gina hanya da gada da gine-gine kason ya kasance kashi 2.5 cikin ɗari a shekarun da suka gabaci 2025, sannan ƙa'idojin da aka fitar a 2024 suka mayar da shi kashi 2 daga Janairun 2025. Idan kuɗin ya isa hukuma tare da jadawalin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar harajinsa ta TIN, sai ya bayyana a shafinsa a matsayin ajiya da zai iya biyan harajin riba da ita.

Sarƙar na iya tsinkewa a wuri uku, kuma kowanne da maganinsa. Wani lokaci ma'aikata ta cire amma ba ta aika ba. Wani lokaci ta aika kuɗin 'yan kwangila da yawa a dunƙule ba ta haɗa da jadawali ba, hukuma ta karɓi kuɗi ba ta san na wane ne ba. Wani lokaci kuma an aika da jadawali amma an yi kuskuren lamba ɗaya a TIN, ko an aika kuɗin kamfani zuwa asusun jiha a maimakon na tarayya. Ana rarrabe su ne a sashen kuɗi na ma'aikatar da ta biya, ba a ofishin haraji ba: a nemi kwafin baucan biya, da shaidar aikawa, da shafin jadawalin da sunan kamfani ke ciki. Idan babu shaidar aikawa, matsala ta farko ce. Idan akwai shaida babu jadawali, ta biyu ce. Idan duka suna nan, sai a gwada lambar da ke jadawalin da ta kamfani, lamba bayan lamba.

Ƙa'idojin 2024 sun kawo sauƙi a nan, domin sun wajabta wa mai cirewa ya bai wa wanda aka cire wa rasit, sun kuma ba shi damar gabatar da rasit ɗin domin a lissafa masa kuɗin ko da mai cirewar bai aika ba, bashin ya koma kan wanda ya riƙe. Saboda haka karɓar wannan rasit a ranar da aka karɓi kuɗin aiki ya zama wani ɓangare na aikin kansa. Sai dai a lura cewa ajiyar harajin tushe na biyan harajin riba ne, ba a biyan VAT ko tara da ita.

Misali dalla-dalla

A ƙaddara wani kamfanin gini da ke Argungu, mai rufe lissafinsa a Disamba, ya ga tallar gyaran azuzuwa a farkon Maris na 2025, an ba da mako huɗu, an kuma nemi takardar shekarun 2022, 2023 da 2024. Takardarsa ta baya ta ƙare aiki a 31 ga Disamba, 2024. Da akantansa ya nemi sabuwa a shafi, sai ta ƙi fita.

Aikin ranar farko shi ne buɗe lissafin kowane nau'in haraji daban da daban, a rubuta abin da aka gani. A harajin riba, shekarar haraji ta 2024, wadda ake ginawa a kan lissafin da ya ƙare a Disambar 2023, an ga saura. Kamfanin ya yi cinikin naira miliyan 80 a 2023, wanda ya sa shi cikin matsakaitan kamfanoni masu biyan kashi 20 cikin ɗari a dokar wancan lokaci. Ribar da aka ɗora wa haraji naira miliyan 8 ce, harajin ya kama naira miliyan 1.6. A cikin cinikin akwai aikin gini na naira miliyan 60 da wata ma'aikata ta biya kashi biyu, na farko miliyan 36, na biyu miliyan 24, ta cire kashi 2.5 a kowanne, wato naira 900,000 da naira 600,000. Akantan ya lissafa miliyan 1.5 a matsayin wanda aka riga aka biya, ya cika naira 100,000, ya ɗauka an gama. A shafin kuwa naira 900,000 kaɗai ta bayyana, don haka ana bin kamfanin naira 600,000, an kuma ɗora tarar kashi 10 cikin ɗari, wato naira 60,000, da kuɗin ruwa da ke ƙaruwa tun bayan Yunin 2024. A ɓangaren VAT kuma an ga ba a shigar da bayanin wata ɗaya na damina ba, tarar ta yi ta hawa wata bayan wata.

Matsalar VAT a hannun kamfani take, kuma a rana ɗaya ake gama ta: a shigar da bayanin babu, a fitar da lambar biya, a biya tarar. Ana iya neman sassauci, amma neman na bin matakai zuwa sama, ba kuma abin da mai mako huɗu zai rataya tayinsa a kai ba ne.

Naira 600,000 ce ke buƙatar tafiya. A rana ta biyu wakilin kamfani ya je sashen kuɗi na ma'aikatar da bauca a hannu, aka gano an aika kuɗin tun a 2023 cikin dunƙulen biya na wata, amma an juya lambobi biyu a TIN ɗin kamfanin. Gyaran na buƙatar wasiƙa daga ma'aikatar, wadda ke tabbatar da kuskuren, da gyararren jadawali, da kwafin shaidar aikawa, a kai su ofishin da ke riƙe da fayil tare da wasiƙar kamfani ta neman a lissafa masa kuɗin, a kuma cire tarar da ta samo asali daga kuskuren da ba nasa ba.

A nan ne ake yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci. Gyaran na wucewa ta hannun ofisoshi biyu, babu kuma wanda zai iya lamunce ranar da zai kammala. Ga shi Maris na 2025 ya zo cikin azumi, hutun ƙaramar Sallah ya faɗo a ƙarshen wata, kwanakin aiki sun ragu. Hanyar da ta fi tsaro ita ce a sanya wa gyaran iyaka, misali ƙarshen mako na biyu. Idan ajiyar ta bayyana kafin nan, an huta. Idan ba ta bayyana ba, sai a biya abin da shafin ke nunawa da kuɗi a hannu, a fitar da takarda, a ci gaba da bin gyaran a tsanake, domin idan ajiyar ta sauka daga baya ba ta ɓata ba, za a biya harajin shekara mai zuwa da ita. A haɗa biyan da wasiƙa mai cewa an biya ne domin a saki takarda, ba domin an yafe haƙƙin ajiyar ba. Ɗaure naira 600,000 na wasu watanni ya fi sauƙi a kan rasa damar shiga tayin. Lissafin kan juye ne idan adadin da ake jayayya a kai ya kai miliyoyin da ribar aikin da ake nema ba za ta rufe ba, a nan barin wannan tayi da tsayawa a kan gyara ya fi.

Da takardar ta fito, ba a sanya ta cikin ambulan sai an karanta ta. A tabbatar sunan kamfani ya yi daidai da na takardar CAC harafi da harafi, shekarun uku su ne waɗanda talla ta ambata, ranar ƙarewa ta kai wadda aka nema, kuma jimlar cinikin da ke jikinta ta yi daidai da wadda ke cikin lissafin odita. Masu tantancewa kan ɗauki matsakaicin cinikin shekaru uku daga wannan takarda domin auna ƙarfin kamfani, don haka wanda ya rage cinikinsa a gaban hukumar haraji domin ya biya kaɗan ya rage girman aikin da zai cancanta da hannunsa.

Takardar jiha

Ga mai sunan kasuwanci da kuma darakta, tsarin ya fi dogara ga fayil da rasit. Mutum na shigar da bayanin kuɗin shigarsa kafin 31 ga Maris, hukumar jiha ta yi masa ƙiyasi kai tsaye, ya biya, ya ajiye rasit na kowace shekara. Daraktan da ke karɓar albashi daga kamfaninsa kuwa harajinsa na bi ta tsarin cirewa daga albashi, wanda ake aikawa kafin 10 ga wata mai bi, kamfani kuma ya shigar da bayanin shekara na ma'aikatansa kafin 31 ga Janairu. Abin da ya fi tsayar da wannan takarda shi ne giɓin shekara ɗaya a cikin ukun, ko kuɗin shigar da aka bayyana ya yi ƙanƙanta ƙwarai idan aka gwada shi da kwangilolin da ma'aikatun jiha suka biya mutumin, waɗanda hukumar ke gani ta hanyar harajin tushe. A irin wannan hali sabon ƙiyasi ake yi, kuma zuwa da bayanin asusun banki da takardun kwangila na gaskiya na gajarta muhawara. Mai zaune a Argungu ya fara tambaya a ofishin hukumar na yankinsa ko wace takarda ake karɓa a nan, wace ce kuma sai hedikwata a Birnin Kebbi, ya haɗa komai kafin ya kama hanya, domin tafiyar kimanin sa'a guda kan cinye yini idan aka manta takarda ɗaya.

Yadda ake bibiya a rubuce

Wa'adin mako biyu ba ya amfanar wanda ba zai iya nuna ranar da ya nema ba. Saboda haka, ko da an nema ta shafi, yana da kyau a kai wasiƙa ga shugaban ofishin, kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da ita. Wasiƙar ta zama gajera: sunan kamfani da lambobinsa na RC da TIN, ranar da aka fara nema, abin da shafin ya nuna, matakin da aka ɗauka a kai, da ranar rufe tayi tare da kwafin tallar. A rufe ta da roƙo guda bayyananne, wato a bayar da takarda ko a faɗi dalilin hanawa a rubuce. A nemi sanin jami'in da ke kula da fayil ɗin, kuma a duk ziyara a fita da amsar tambaya biyu: me ya rage, kuma a teburin wa yake. A yi magana da ladabi, domin jami'in da ake yi wa tsawa ba shi ne ya haifar da saurar ba, kuma shi ne zai rubuta bayanin da zai kawar da ita.

Idan mako biyu suka cika babu takarda babu dalili, sai a tura tunatarwa, a aika kwafi ga babban jami'in da ke kula da ofisoshin jihar da kuma teburin sauraron koke na SERVICOM, ko ga shugaban hukuma idan ta jiha ce. Dokokin 2025 sun kafa ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji, wanda ke duba ƙorafi a kan yadda hukumomi ke tafiyar da aiki. Jayayya a kan adadin haraji kuwa na zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna, cikin kwana 30 daga hukuncin hukuma. Waɗannan hanyoyi na ƙwato haƙƙi ne, amma tafiyarsu ta fi ta tayi tsawo, don haka ba a dogara da su domin cim ma ranar rufewa.

Idan lokaci ya ƙure

Tayin da ya zo bayan sa'ar rufewa ana mayar da shi ba a buɗe ba, kuma wasiƙar da ke nuna an nemi takarda ba ta zama madadin takardar ba, sai idan tallar ta faɗi haka ƙarara. Wanda ya hango ba zai samu a kan lokaci ba na iya rubuta wa sashen kwangila na ma'aikatar tun da wuri ya nemi bayani, duk amsar da aka bayar kuma a rubuce take da amfani. Shiga haɗin gwiwa da wani kamfani ba ya rufe giɓin, domin akan nemi takardun kowane ɓangare.

A irin wannan matsi ne masu cewa za su fitar da takarda cikin dare ke samun kasuwa. Takardar tarayya na ɗauke da lamba da ake tantancewa a shafin hukuma cikin minti kaɗan, kuma masu bayar da aiki kan tantance. Sashe na 58 na dokar 2007 ya sanya amfani da takardar jabu cikin laifuffuka, hukuncinsa ga mutum ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba tare da zaɓin tara ba, ga kamfani kuma haramcin shiga kwangilar gwamnati na aƙalla shekara 5 da tarar kashi 25 cikin ɗari na darajar aikin. Duk kuɗin da za a biya a biya shi ta banki da lambar biya ta hukuma, a karɓi rasit, domin kuɗin da aka miƙa hannu da hannu ba ya rage ko kwabo a lissafi.

Kusan duk abin da aka bayyana a sama ana iya ganin sa watanni kafin a buga talla. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan kwangilar da ke buɗe shafinsa sau ɗaya a wata, yana karɓar rasit ɗin harajin tushe duk ranar da aka biya shi, yana shigar da bayanin babu a watannin damina, yana kuma neman sabuwar takarda a makon farko na Janairu, zai tarar da tallar rani da takardarsa a aljihu. Wanda kuma tallar ta riga ta same shi babu takarda, ya fara da buɗe lissafinsa a yau, ya gano layin da ya tare hanya, ya sanya wa gyaransa ranar ƙarshe tun yanzu.